Wasiƙar Shugaban Makaranta Ga Malamai Kan Adana Makin Jarrabawa



Malamai 'yan'uwana, maza da mata, na rubuto muku ne kan wani al'amari da na ga ya fi ƙarfin a faɗe shi a tsaye a taron malamai, kowa ya ce to, a watse. Daga wannan zangon, duk makin da malami ya ba ɗalibi, na gwaji ne ko na jarrabawa, dole ya kasance a rubuce a takarda, a shigar da shi komfuta, sannan a ɗauki kwafinsa kowace ranar Alhamis. Zan bayyana yadda za a yi da dalilin kowane mataki, don kada wani ya ɗauka ƙarin wahala ce kawai ofis ya ƙirƙiro.

Ku shiga ofishina ku buɗe kabad ɗin ƙarfe da ke bayan ƙofa. Za ku tarar da manyan takardun maki na shekarun 1990, an ɗinke su shekara-shekara, kowane aji da sa hannun malaminsa, kowane shafi da hatimi. Idan tsohon ɗalibi na wancan lokaci ya zo neman sakamakonsa, kafin ya gama shan ruwa an samo masa. Amma idan wanda ya gama shekara huɗu ko biyar da suka wuce ya zo, sai a fara kiraye-kirayen waya. Wane ne ya riƙe ajinsu? Ai an yi masa canjin wurin aiki. Ina laftof ɗin da ya yi amfani da ita? Ta lalace. Filas ɗin fa? Ba a san inda yake ba. Malaman da suka gabace mu ba su da komfuta, ba su da janareto, da biro da rula suka yi aikinsu, amma abin da suka rubuta yana nan. Mu da aka ba kayan aiki, namu ne ke ɓacewa. Wannan ci baya ne, kuma bai kamata mu saba da shi ba.

Abin da ya sauya a ganina shi ne, da can malami ya san littafi ɗaya ne a hannunsa, sai ya riƙe shi da tsoro. Yau kuwa da zarar an danna maɓallin ajiya, sai zuciya ta kwanta, kamar an miƙa makin ga wani mai gadi da ba ya barci. Alhali fayil ɗin yana kan faifai guda ne, cikin na'ura guda, wadda ƙurar hunturu ke shiga, zafin bazara ke gasawa, wutar Nepa da ta janareto ke fizga. Makin da ke wuri ɗaya ba a ajiye yake ba, jiran ranar ɓacewarsa kawai yake yi.

Kuma makin nan ba namu ba ne. Tun da tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya shigo da auna ɗalibi a kai a kai, abin da yaro ya samu a aji ya zama wani ɓangare na sakamakonsa na ƙarshe. Kun sani hukumar WAEC tana buƙatar a tura mata makin da ɗalibi ya tara tun daga SS1, NECO ma tana neman makin makaranta. Idan makin SS1 ya ɓace, ranar da za a tura sai a ga mutum ya zauna yana cike gurabe da ka: wannan yaron kamar yana da ƙoƙari, a ba shi 24, wannan kuwa a ba shi 15. Ina so in faɗa a sarari cewa wannan shaidar zur ce. An zalunci wanda ya yi karatu, an yi wa wanda bai yi ba kyautar abin da ba nasa ba, kuma da sa hannunmu za ta fita. Ba zan sa hannu a kan makin da aka ƙaga ba, ba kuma na so a kai matsayin da wani zai roƙe ni in sa.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a nan makarantar, ba don tona asirin kowa ba, sai don shi ne ya fi nuna irin ɓarnar da na fi jin tsoro. Wani malami ya gama makin aji ɗaya na SS2 mai ɗalibai 54, ya shigar da komai cikin Excel daidai: sunaye a jere bisa harafi, makin gwaji bisa 30, makin jarrabawa bisa 70, sai jimla. Bayan kwana biyu ya so ya ga wanda ya fi kowa ci a jarrabawar. Sai ya zaɓi layin makin jarrabawa shi kaɗai, ya danna a jera daga babba zuwa ƙarami. Excel ya fito masa da gargaɗi mai zaɓi biyu: `Expand the selection` da `Continue with the current selection`. Na farko yana nufin a tafi da sunaye da sauran layuka tare, kowane yaro da makinsa. Na biyu yana nufin a jujjuya wannan layin kawai, sauran su tsaya inda suke. Ya zaɓi na biyu, ya duba abin da yake son dubawa, ya ajiye fayil, ya rufe, ya tafi gida.

Ku lura da abin da ya auku. Sunaye suna nan yadda suke daga A zuwa Z, amma makin jarrabawa ya sake jeri. Yaron da sunansa ya fara da A ya samu maki mafi yawa a ajin, wadda sunanta ya fara da Z ta samu mafi ƙanƙanta. Babu lambar da ta ɓace, babu gurbin da ya zama fanko, komfuta ba ta yi ƙorafin komai ba. Ko da wani ya duba matsakaicin makin aji, zai ga yana nan daram, domin lambobin su ne dai, masu su ne suka canza. A haka aka cike katin sakamako, aka raba, aka tafi hutu. Sai da aka dawo wani uba ya zo da 'yarsa, yarinyar da ba ta taɓa sauka daga biyar na farko ba, an rubuta mata 11 bisa 70. Da jami'in jarrabawa ya buɗe fayil ɗin, alamar da ta nuna masa matsalar ita ce makin yana sauka a hankali daga saman shafi zuwa ƙasa, kamar matakala. Babu ajin da Allah Ya jera basirar yaransa bisa harafin sunayensu.

Gano matsalar bai yi wuya ba, gyaranta ne ya wahalar. `Ctrl+Z` yana mayar da kuskure ne muddin fayil ɗin yana buɗe. Da zarar an ajiye an rufe, wannan ƙofar ta rufu. Takardar da malamin ya fara rubuta makin a kai ba a same ta ba. Akwai kwafi a filas ɗinsa, amma kullum sabon yake ɗorawa a kan tsohon, don haka kwafin ma mai kuskuren ne. Dole aka koma sito aka zazzage buhunan takardun amsa. An samu 47. Ɗalibai bakwai sai da aka sake yi musu jarrabawa a kan darasin zangon da ya wuce, ba da laifinsu ba, aka kuma karɓo katin aji guda aka sake rubutawa, aka ba iyaye haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake so ku ɗauka daga wannan shi ne cewa malamin yana da kwafi, amma kwafin bai cece shi ba. Mutane suna zaton amfanin kwafi shi ne idan an sace komfuta ko ta ƙone. Wannan gaskiya ne, amma ɓarnar da ake gani nan take ita ce mai sauƙi. Mai wuyar ita ce wadda ke shiga shiru, ta kwana a fayil mako uku ko biyar kafin a farga. Maganinta kuwa ɗaya ne: a riƙa ajiye kwafin kowane mako daban, da kwanan watansa, kada sabo ya taɓa hawa kan tsoho. Da a ce akwai kwafin ranar da aka gama shigar da makin a gefe, da aikin minti goma ne: a buɗe shi, a ga makin yana warwatse yadda makin aji ke kasancewa, a gwada da takardun yara uku ko huɗu, a mayar.

To ga yadda za mu yi, kuma daga takarda za mu fara. Kowane malami zai karɓi takardar maki daga ofishin jarrabawa, ya rubuta makin kowane gwaji da biro a ranar da ya gama dubawa, ba a bayan littafin darasi ko a bangon takardar tambayoyi ba. Idan an yi gyara, a ja layi ɗaya a kan tsohuwar lambar yadda za a iya karanta ta, a rubuta sabuwa a gefe, a sa hannu. Takardun amsa kuma a ɗaure su aji-aji, a rubuta darasi da zango a kai, a miƙa wa ofis. Za mu riƙe su shekara guda cur, a kan katako nesa da ƙasa da bango saboda gara. Ina jin takaici idan na tuna cewa takardar jarrabawar yaro, da sunansa da makinsa, takan kai ga hannun mai ƙosai a bakin ƙofar makaranta. Wannan ya ƙare daga yau.

Sai shigarwa a komfuta. A komfutar ofishin jarrabawa akwai babbar folda ta shekarar karatu, a cikinta foldar kowane zango, a cikin zango foldar kowane aji. Fayil ɗin kowane darasi zai zauna a ajinsa, kuma sunansa zai faɗi abin da ke ciki: aji, darasi, zango. Na gaji da ganin `Book1`, da `result final`, da `result final 2`, da `new final corrected`, waɗanda ko mai su ba zai iya rantsewa wanne ne na gaskiya ba. Ga yadda nake so:

```
SS2A_Lissafi_Zango1.xlsx
```

Yayin shigarwa, ku saba da danna `Ctrl+S` duk bayan ɗalibai goma. Excel yana da ajiyar gaggawa da yake yi da kansa, bisa al'ada duk minti goma, amma wannan agaji ne na ranar da wuta ta ɗauke, ba abin dogaro ba ne. Idan kun gama, kafin ku rufe, ku sa komfuta ta ƙirga muku. A ajin ɗalibai 54 da makin jarrabawarsu yake a layin D, ya fara daga gurbi na biyu, a wani gurbi a ƙasa ku rubuta:

```
=COUNT(D2:D55)
=MAX(D2:D55)
```

Na farko dole ya ba da 54. Idan ya ba da 53, ko dai an tsallake yaro, ko an buga harafi a madadin lamba, kamar wanda ya buga harafin o yana nufin sifiri, domin wannan umarnin lambobi kaɗai yake ƙirgawa. Na biyu kuma kada ya wuce 70. Idan kuka ga 450, hannu ne ya zame a kan 45. Wanda kuma yake son jera maki don ya ga na ɗaya, ya yi a kan kwafi, kada ya taɓa ainihin fayil ɗin.

Yanzu batun Alhamis. Na zaɓi Alhamis ne saboda Juma'a gajeriyar rana ce, hankalin kowa yana kan masallaci, abin da aka ce za a yi bayan an sauko kuwa mun san makomarsa. Idan kuma ranar Alhamis babu wuta ko man janareto, muna da safiyar Juma'a mu rama. Kafin a tashi ranar Alhamis kowane malami ya tabbata makinsa na makon ya shiga komfutar ofis. Bayan an tashi, jami'in jarrabawa da mataimakin shugaba mai kula da karatu za su rufe dukkan fayilolin da ke buɗe, su sa filas ɗin makaranta, su buɗe sabuwar folda a cikinsa mai ɗauke da kwanan watan ranar, shekara a gaba, sai wata, sai rana:

```
Kwafi_2025-11-13
```

An fara da shekara ne don foldojin su jeru da kansu bisa tsarin lokaci, na baya-bayan nan a ƙarshe. Sai a kwafe babbar foldar zangon gaba ɗayanta a zuba a ciki. A kula a nan: `Copy` ake zaɓa, ba `Cut` ba, domin na biyun ɗauke fayil yake yi daga mazauninsa, sai a wayi gari kwafin da ake taƙama da shi shi ne kaɗai ya rage. Foldar makon jiya da ta makon shekaranjiya kuma a bar su yadda suke, babu mai gogewa, babu mai buɗewa ya yi aiki a ciki.

Na san wani zai ce ai wuri zai cika. Mu yi lissafi. A ce azuzuwa 18, kowanne da darussa 10, fayil 180 ke nan. Fayil ɗin maki na aji guda da wuya ya wuce kilobayit 50, jimla wajen megabayit 9, wanda bai kai gajeren bidiyon biki ɗaya da ake turo muku a waya ba. Zango mai mako 13 zai ci megabayit 117, shekara guda ba za ta kai 400 ba. Filas mai gigabayit 8 zai ɗauki na shekaru. Wuri ba uzuri ba ne, data ma ba uzuri ba ce.

Bayan filas, wannan foldar mai kwanan wata za a ɗora ta a Google Drive na makaranta, wanda ke ba da gigabayit 15 kyauta. Ta haka makin yana wuri uku: komfutar ofis, filas, da ma'ajiyar intanet, ga kuma takarda ta huɗu. Dalilin na ukun shi ne komfuta da filas idan suna ɗaki ɗaya, musiba ɗaya ce za ta cinye su tare. Duk mun ga abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da ofisoshi da makarantu cikin dare. Allah Ya kiyaye na gaba. A irin wannan rana, kabad da komfuta da filas ɗin da ke aljihun tebur duk hukuncinsu ɗaya. Gobara da ɓarawo ma haka suke yi. Manomi ba ya zuba irin shukarsa a rumbun da ake ɗiba kullum, yakan ware shi ya rataye a wani wuri. Saboda haka ma filas biyu za mu saya, a riƙa musanya su mako-mako: ɗaya a kulle a ofishina, ɗayan a wajen mataimakin shugaba.

Akwai abubuwa biyu game da ma'ajiyar intanet da nake so a kiyaye. Na farko, asusun na makaranta ne, da imel ɗin makaranta da layin wayar makaranta, kuma mutum biyu ne za su san kalmar sirrinsa, a kuma rubuta ta a rufe a ambulan a ofishina. Malami yana iya samun canjin wurin aiki, yana iya ritaya, rai kuma na Allah ne. Bai dace makin ɗalibai ya bi mutum ɗaya duk inda ya tafi ba. Na biyu, kada a yaudaru da foldar da ke daidaita kanta da intanet ita kaɗai. Irin wannan folda duk abin da ka yi a komfuta shi take maimaitawa a can: ka goge, ta goge; ka ɓata, ta ɗora ɓataccen. Abin da aka goge yakan zauna a kwandon shara na Drive kwana 30 ne kawai, alhali hutun ƙarshen shekara ya fi haka tsawo. Shi ya sa na ce foldar mai kwanan wata za a ɗora da hannu, a bar ta.

Tura fayil ta WhatsApp kuwa ba ajiya ba ce. Waya tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta a hanya, ana goge saƙonni don a samu wuri. Bayan haka, makin yaro sirrinsa ne da iyayensa, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Kada in sake ganin sakamakon aji guda a zauren da ke da mutanen da ba ruwansu da shi.

Sauran mataki ɗaya, shi ne wanda aka fi tsallakewa. Kwafin da ba a buɗe an gani ba, zato ne kawai. Bayan an gama kwafa, a danna foldar asali da maɓallin dama na maus a zaɓi `Properties`, a duba adadin fayiloli da girmansu, a yi haka ga kwafin. Dole lambobin su zo ɗaya. Sannan a buɗe fayil biyu ko uku daga cikin filas ɗin kansa, a zaɓi ɗalibai uku, ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa, a gwada makinsu da takardar malami. Idan sun dace, a cire filas ta hanyar `Eject`, kada a fizge shi, domin wani lokaci komfuta ba ta gama rubutawa ba ko da alamar kwafa ta ɓace. Daga nan a rubuta a littafin da na ajiye don wannan aiki: kwanan wata, adadin fayiloli, sunan wanda ya kwafa da wanda ya duba, kowa ya sa hannu. Ni zan duba littafin kowace Litinin da safe. Duka aikin ba zai wuce rubu'in awa ba.

Game da filas ɗin kansa, ku sani akwai na jabu a kasuwa. Za a rubuta masa gigabayit 64, komfuta ma ta nuna hakan, alhali ainihin cikinsa bai kai ko kusa ba. Da farko yana aiki lafiya, amma idan ya wuce iyakarsa ta gaskiya sai ya ci gaba da nuna sunayen fayiloli, idan an buɗe kuwa babu komai ko sun lalace. Kafin mu yarda da sabon filas, za a cika shi da manyan fayiloli har bakinsa, a cire, a mayar, a buɗe na farko da na ƙarshe a gani. Kuma filas ɗin makaranta ba ya zuwa shagon buga takardu. Komfutocin waɗannan wurare filas ɗari ke shigarsu a rana, a can ake kwaso ƙwayar cutar nan da ke mayar da foldoji gajerun hanyoyi. Wanda zai je bugawa ya mayar da takardar PDF, ya ɗauka a wani filas daban da ba ya shiga komfutar ofis.

Idan duk da haka kuka sa filas kuka ga foldojinku sun koma masu 'yar kibiya a gindi, girman kowace kilobayit ɗaya ko biyu, kada ku danna su, domin dannawar ce ke tayar da cutar ta shiga komfuta. Kada kuma hankalinku ya tashi; yawanci fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. A kira jami'in jarrabawa, ya fara bincike filas ɗin da manhajar kashe ƙwayar cuta, sannan ya buɗe `Command Prompt` ya rubuta wannan, idan harafin filas ɗin E ne:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Wannan yana cire alamar ɓoyewa daga fayiloli da foldoji su sake bayyana, amma ba ya kashe cutar, shi ya sa bincike ke zuwa da farko. Haka nan idan komfuta ta ce `You need to format the disk`, ku danna `Cancel` ku cire filas ɗin ku kawo. Wanda ya amsa da to, ya share abin da ke ciki da hannunsa. Ku kuma tuna cewa abin da aka goge daga filas ba ya zuwa `Recycle Bin` kamar na cikin komfuta. Idan hakan ta faru bisa kuskure, a daina zuba komai a filas ɗin nan take, domin sabon abin da aka zuba shi ke hawa kan gurbin tsohon ya sa ba za a iya ceto shi ba.

Abin da na fi roƙonku a nan shi ne gaggawar faɗa. Wanda ya ga ya yi kuskure a fayil ya zo ya faɗa a ranar, ba zan ci mutuncinsa ba, kuskure na ɗan Adam ne kuma don shi aka yi wannan tsari. Wanda zan tuhuma shi ne wanda ya ɓoye, ya zauna shi kaɗai yana cike gurabe da abin da ya tuna, ko ya bar kuskuren ya shiga katin yara.

A makon jarrabawa da makon haɗa sakamako, kwafin kullum za a yi kafin a rufe ofis, domin a waɗannan kwanaki aikin yini ɗaya ya fi na wata guda a sauran lokuta. Idan zango ya ƙare, za a buga babbar takardar makin kowane aji, malamin aji ya bi ta suna bayan suna da takardun malaman darussa, ya sa hannu, jami'in jarrabawa ya sa, ni ma in sa in buga hatimi, a ɗinke ta a ajiye a kabad kusa da na magabata. Za a kuma mayar da ita PDF a haɗa cikin kwafin ƙarshen zango, wanda ba za a taɓa gogewa ba. Kwafin mako-mako kuwa sai shekarar karatu ta ƙare, an tura wa hukumomin jarrabawa abin da suke buƙata, sannan a rage su.

Malaman da hannunsu bai faɗa da komfuta ba, musamman iyayenmu da suka daɗe a aikin nan, kada wannan ya dame ku. Takardarku ita ce tushe, kuma na san a wannan fannin ku ne za ku koya wa matasa tsabtar rubutu da kiyaye lamba. Za a haɗa kowannenku da wanda zai shigar masa, ku zauna tare, kuna karantawa yana bugawa, sannan shi ya karanta daga komfuta ku bi da yatsa a takarda. Matasa kuma da kuka iya na'ura, ku rage gaggawa. Yawancin ɓarnar da na gani daga hannun wanda ya iya ta fito, ba daga wanda yake tsoron taɓawa ba.

Ranar Laraba mai zuwa bayan tashi za mu haɗu a ɗakin komfuta na awa ɗaya, jami'in jarrabawa zai nuna duk waɗannan matakai a aikace, kowa kuma zai gwada da hannunsa. Ku zo da takardun makin gwajin farko, da duk wani fayil na maki da ke cikin laftof, filas ko wayarku, na bana da na shekarun baya, don mu tattara su wuri ɗaya mu ga abin da ya rage da abin da ya ɓace. Kwafin farko za a ɗauke shi washegari Alhamis, in Allah Ya yarda.

Allah Ya taimake mu a kan amanar da aka ɗora mana.



Naku,
Shugaban Makaranta